Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanonin da ke haɗa maganin ruwa na yara da hukumomin da ke amincewa da rubutun jikin kwalba

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma na rubuto muku ne a kan ɗan teburin nan da kuke bugawa a bayan kwalbar sirof, wanda ke cewa ɗan wata kaza zuwa wata kaza a ba shi mil kaza, ɗan shekara kaza zuwa shekara kaza a ba shi mil kaza. Babban roƙona shi ne ku sa nauyin yaro a gaba, shekaru su biyo baya. Zan fi yin maganar a kan farasitamol, don shi ne sirof ɗin da kusan duk gidan da ke da yaro ba a rasa shi, kuma shi ne ake bayarwa ba tare da an ga likita ba, wato abin da kuka rubuta a kwalbar nan shi kaɗai ne mai ba uwa shawara da ƙarfe biyun dare in jikin yaro ya yi zafi.

Ku da kanku kun fi ni sanin cewa ba da shekaru ake lissafin farasitamol na yara ba. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin yaro, a sha ɗaya, a jira awa 4 zuwa 6 kafin a sake, kuma kar a wuce sau huɗu cikin awa 24. In ka ninka 15 sau huɗu, miligiram 60 ke nan a kan kowane kilo a rana, shi ne iyakar da akasari ake aiki da ita, ko da yake akwai littattafan da suka ɗaga ta zuwa 75. Duk wannan lissafin babu inda shekara ta shigo. Shekarun da kuke bugawa kintace ne na nauyi, an ɗauki yaron da ke tsakiyar sa'anninsa an yi lissafi da kilonsa, sai aka goge kilon aka bar shekarun. Matsalar ita ce uwa ba ta san an yi hakan ba. Ita dai ta ga shekarun ɗanta a rubuce, ta ga mil a gefe, ta zuba, kuma a ganinta ta bi umarni daidai, kuma gaskiyarta ne ta bi.

Bari mu ɗauki kwalbar da aka rubuta 120 mg/5 ml a jikinta, wato kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 24. Teburin da hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar a 2011, wanda yana cikin masu dama-dama, ya ce ɗan wata 3 zuwa 6 mil 2.5, ɗan wata 6 zuwa 24 mil 5, ɗan shekara 2 zuwa 4 mil 7.5, ɗan shekara 4 zuwa 6 mil 10. Mu tsaya a layin ƙarshe. Mil 10 miligiram 240 ne. A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, yaro namiji da ya cika shekara huɗu cif, matsakaicin nauyinsa kilo 16.3 ne. Raba 240 da 16, ka ga miligiram 15 a kilo ke nan, ya zauna daram. To wannan yaron aka yi wa teburin.

Amma a ma'aunin nan dai guda, ɗan shekara huɗun da nauyinsa ya gaza kilo 12.7 an sa shi cikin masu ƙarancin nauyi, wanda ya gaza 11.2 kuma ƙarancin nasa ya yi tsanani. Kuma irin waɗannan yaran ba a littafi kawai suke ba, suna tafiya da ƙafarsu, suna wasa, wani ma in ka gan shi cewa kawai za ka yi ɗan siriri ne. Wani tamowa ce, wani an haife shi bakwaini bai gama kamo sa'anninsa ba, wani ciwon zuciya ne tun haihuwa, wani sikila, wani ciwon da ke hana shi haɗiya da kyau, wani doguwar jinya ce ta zabge shi. Sai mu ce ga yaro ɗan shekara huɗu da wata biyu, kilo 11, zazzaɓi ya kama shi. Uwa ta haska fitilar waya ta juyo bayan kwalba tana bin layi da ɗan yatsa har ta iso 4 zuwa 6, ta cika ɗan kofin nan na roba zuwa layin 10, ta ɗaga kan yaron ta ba shi. Miligiram 240 a kan kilo 11, kusan miligiram 22 a kowane kilo, maimakon 15 da yake shi ne ƙarshen ƙa'ida. In ta ba shi sau huɗu yadda kuka ce an yarda, miligiram 960 ya sha a ranar. Abin da jikinsa ya kamata ya karɓa bai wuce 60 sau 11 ba, wato 660. Rarar miligiram 300 ke nan kullum, kusan miligiram 87 a kilo a rana, ya wuce har waccan iyakar ta 75 da masu sassauci suka bari.

Da an auna shi fa? 15 sau 11, miligiram 165, a raba da 24, bai ma cika mil 7 ba. Ƙasan ƙa'idar kuma miligiram 110, wajen mil huɗu da rabi. Wato abin da ya dace da yaron nan tsakanin mil 5 ne zuwa 6.5, abin da teburinku ke ba wa ɗan shekara ɗaya da rabi ya fi kusa da shi a kan abin da aka rubuta wa sa'anninsa. Wace uwa ce za ta duba layin ɗan shekara ɗaya ta ba ɗan shekara huɗu alhali kwalba ba ta ce mata komai ba?

Na san abin da za ku ce, cewa farasitamol yana da faɗin tazara tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa, kuma sha ɗaya na miligiram 22 a kilo ba zai yi wa yaro komai ba. Na yarda, sha ɗaya ba shi ne abin tsoron ba. Amma zazzaɓi ba sha ɗaya ba ne, kwana biyu ne kwana uku wani lokacin har huɗu ana ɗirka masa sau huɗu a rana, kuma daidai lokacin yaron ba ya cin komai, ga amai ga gudawa. A nan ne hanta ke shigowa. Mafi yawan farasitamol hanta ce ke sarrafa shi ta hanyoyi marasa illa ya fita ta fitsari, amma akwai ɗan kaso kaɗan da ke rikiɗewa ya zama wani sinadari mai guba da ake kira NAPQI. Hanta tana da abin da take kashe shi da shi, gulutatayon, kuma muddin akwai shi isasshe babu abin da zai faru. Yaron da ke fama da tamowa ko wanda ya kwana biyu bai ci ba, ajiyarsa ta gulutatayon ƙasa take tun farko. To kun ga abu biyu ne suka haɗu a kan yaro ɗaya: teburin ya ba shi fiye da kima saboda ba shi da nauyi, sannan dalilin da ya sa ba shi da nauyin shi ne ya rage wa hantarsa ƙarfin jure rarar. Wanda ya fi kowa rauni shi teburin ya fi ɗora wa kaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro da wannan matsalar shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Rana ta farko in ma akwai alama, tashin zuciya ne da amai da ƙin cin abinci da kasala, wato daidai abin da zazzaɓin da kansa ke kawowa, babu wanda zai zargi sirof. Sai bayan kwana biyu ko uku yaron ya fara nuna ciwo a saman ciki ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, ido ya fara yin rawaya irin na shawara, barci ya yi yawa ko ya riƙa ruɗewa, wani ma jini ya riƙa fita a dasashi. Akwai maganin karya gubar, asetilsistin, kuma yana aiki sosai in an fara shi da wuri, in an sha da yawa lokaci guda an fi so a fara cikin awa 8. Amma irin wannan da ke taruwa a hankali babu wani lokaci guda da za a ce ga sa'ar da abin ya faru, kuma in ka tambayi uwar ko ta ba shi magani fiye da kima za ta rantse maka ba ta yi ba, “wallahi yadda aka rubuta na ba shi,” kuma ba ƙarya take ba. Mu a wajenmu dabarar ita ce ba ma tambayar ko an wuce kima, cewa muke a nuna mana kwalbar, a nuna mana abin da aka auna da shi, sau nawa, kwana nawa, sai mu ɗora yaron a sikeli mu yi lissafin da kanmu.

Wannan fa a kan teburin 2011 ne, wanda aka gyara. Tsohon da aka maye gurbinsa cewa ya yi ɗan shekara 1 zuwa 6 a ba shi mil 5 zuwa 10, kuma har yanzu ana cin karo da kwalabe masu irin wannan rubutun. Ku duba faɗin wannan layin don Allah. Namiji ɗan shekara ɗaya matsakaicinsa kilo 9.6 ne, in uwa ta ga jikinsa ya yi zafi sosai ta zaɓi mil 10, ya sha miligiram 25 a kilo, kuma lafiyayye ne ma ba ramamme ba. Wanda ya kusa shekara shida mai kusan kilo 20 kuma in aka ba shi mil 5 don taka-tsantsan, miligiram 6 a kilo ya samu, kusan ba a yi komai ba. Kuma da yake ba ku faɗi abin da zai sa a zaɓi 5 ko 10 ba, mutane da zafin jikin suke zaɓa, in zazzaɓin ya yi tsanani a ba da babba, alhali girman yaron ne ya kamata ya raba gardama.

Yanzu ɗaya ɓangaren, yara masu nauyi. Nan ina so ku saurare ni da kyau don ba juyin na farko ba ne kawai, kuma in aka yi gyaran da gaggawa za a iya haifar da wata matsalar.

Akwai yaron da yake babba ne kawai, dogo, mai ƙashi, nauyinsa ya yi daidai da tsawonsa amma ya fi sa'anninsa. A ce ya kusa cika shekara shida, kilo 26. Teburin ya ce mil 10, miligiram 240, a raba da 26, miligiram 9 ne da ɗan ɗoriya a kilo, bai kai ƙasan ƙa'idar ba. Da lissafin kilo ne zai iya shan har wajen mil 16. Sakamakon shi ne maganin ba zai kama sosai ba, ciwon kunnen ko ciwon kan ya ɗan lafa ya dawo kafin awa huɗu. Za ku ce to ai wannan ba haɗari ba ne, ƙarancin magani ai ya fi yawansa. Amma ku bi abin da ke biyo baya a gida. Uwa ta ga bai yi aiki ba, sai ta sake ba shi bayan awa biyu, ko ta ce wannan kamfanin nasu ba shi da ƙarfi ta ɗauko wata kwalbar mai wani suna daban wadda ita ma farasitamol ce, ko ta haɗa masa da sirof ɗin mura wanda a cikinsa ma akwai farasitamol an rubuta da ƙananan haruffa. Da zarar mutum ya daina yarda da abin da ke jikin kwalba, to da ka yake aunawa daga nan, kuma ƙanen yaron mai rabin nauyinsa ma da wannan sabuwar ƙa'idar ta ka za a ba shi.

Sai kuma yaro mai ƙiba, wanda rarar nauyinsa kitse ce. Shi wannan in aka ce a ninka kilonsa da 15 kai tsaye an yi kuskure. Farasitamol ba ya shiga kitse sosai, kuma hantar yaro ba ta ninkuwa don ya tara teɓa. Mu ɗauki ɗan shekara tara, tsawonsa mita 1.40, nauyinsa kilo 55. Lissafin kai tsaye zai ba da miligiram 825 a sha ɗaya, ya shiga sahun abin da ake ba babban mutum, sau huɗu kuma miligiram 3,300. Abin da masana magunguna ke yi shi ne su nemo nauyin da ya kamata yaro mai wannan tsawon ya kasance da shi. Hanya ɗaya ita ce a ɗauki matsakaicin ma'aunin da ke gwada nauyi da tsawo, wato BMI, na shekarunsa, wanda a shekara tara wajen 16 ne, a ninka da tsawonsa sau tsawonsa, wato 16 sau 1.96, ya ba da wajen kilo 31. Sai a yi lissafi da 31, miligiram 465 shi ne sama. Teburin shekaru na kwalbar manyan yara mai 250 mg/5 ml ya ce ɗan shekara 8 zuwa 10 mil 7.5, miligiram 375, wanda in ka raba da 31 miligiram 12 ne a kilo, yana cikin ƙa'ida. Kun ga a nan teburin shekarun ya fi sikeli kusa da gaskiya, kuma ba zan ɓoye wannan don in ci gardama ba. Amma ko a nan kwalbar ta gaza, don ba ta gaya wa kowa haka ba. Uban yaron zai kalle shi ya ce wannan ai ya kai ɗan shekara goma sha uku a jiki, ya tsallaka layi biyu ƙasa ya ba shi na manya, kuma babu jimla ko ɗaya a kwalbar da ta ce masa kar ya yi.

Irin wannan tarkon yana nan a ɓangaren ramammu ma, na yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafa da fuska. Sikeli zai nuna kilo 13 alhali wani kaso ruwa ne. Danna babban yatsa a bayan ƙafarsa na daƙiƙa uku, in ka ɗaga ka ga rami ya zauna a ƙafafun biyu, to wannan yaron ba na a ba shi magani daga tebur ba ne ko na shekaru ko na kilo, na asibiti ne a ranar.

Zan taɓo ibufurofen a gurguje don shi ma teburin shekaru yake ɗauke da shi. Ƙa'idarsa miligiram 5 zuwa 10 a kilo, tazarar awa 6 zuwa 8, kuma shi ƙoda da ciki yake taɓawa. Ramammen yaron da gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki, ko da an auna daidai ma ba a son ba shi, balle a ba shi na yaron da ya fi shi da kilo biyar.

To me nake roƙo? Na farko shi ne ginshiƙin kilo ya zo a farkon teburin da manyan haruffa, shekaru su zo a gefe a matsayin abin komawa in ba a san nauyin ba. Wannan ba sabon abu na ƙirƙiro ba, kwalaben farasitamol na yara a Amurka sun daɗe suna ɗauke da nauyi da shekaru tare, da umarnin cewa in an san nauyi a bi shi, in ba a sani ba a bi shekaru. Kuma lissafin ba wuya, a kwalba mai 120 mg/5 ml kilo 8 zuwa 11 mil 5, kilo 12 zuwa 15 mil 7.5, kilo 16 zuwa 23 mil 10, kilo 24 zuwa 31 mil 15, duk wanda ya faɗa cikin waɗannan layukan yana tsakanin miligiram 10 da 15 a kilo, ku gwada da kalkuleta ku gani. Yaronmu mai kilo 11 ya koma mil 5, mai kilo 26 ya tashi zuwa mil 15, babu wanda ya yi ninkawa ko rabawa da tsakar dare. Ba dole sai waɗannan lambobin nawa ba, kuna da masanan da za su tsara wanda ya fi, misali ne kawai don kar a ce wurin ba zai isa ba ko abin zai rikita mutane.

Sai jimloli biyu a ƙarƙashin teburin, da harshen da masu sayen maganin ke ji, ba da yaren likitoci ba. Ɗaya ta ce in yaron ya fi sa'anninsa ƙanƙanta ko ya rame, a bi kilo kar a bi shekaru, in ba a san kilon ba a nemi a auna shi. Ɗayar ta ce in yaron mai ƙiba ne, kar a wuce abin da aka rubuta wa shekarunsa sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Wato a taƙaice in kilo da shekaru suka saɓa, ramamme da mai ƙiba duk ƙaramin adadin za su bi, dogon yaro mai ƙashi ne kaɗai zai hau sama. In wurin ya yi kaɗan, ku rage hoton jaririn da ke dariya a gaban kwalin, ai ya cinye rabin fili.

Na ji ana cewa iyaye da yawa ba su san nauyin 'ya'yansu ba, shi ya sa aka tsaya a shekaru. Da gaskiya a ciki, shi ya sa ban ce a cire shekarun ba. Amma ni ina ganin rashin sanin nauyin ma har da laifin kwalbar, tunda ba ta taɓa tambaya ba. Ranar da kilo ya zama abu na farko da ido zai faɗa a kai, uwa za ta fara tambayar nas “kilonsa nawa yau?” ta riƙe a ka ko ta rubuta. Ana auna yara a wajen rigakafi da duk zuwa asibiti, lambar tana nan a kati, kawai ba a gaya wa kowa tana da amfani a gida ba. Wanda ke da sikelin manya kuma sai ya hau riƙe da yaron, ya sauke shi ya sake hawa shi kaɗai, ya cire wannan daga wancan. Illa dai a tuna nauyin wata shida da suka wuce ba na yau ba ne, jariri yana ƙaruwa da sauri, mai doguwar jinya kuma yana raguwa. Kuna iya barin ɗan fili fari a jikin lebul inda mai ba da magani zai rubuta kilon yaron da kwanan wata da mil nawa, da biro, a gaban uwar.

Akwai kuma maganar ƙarfin maganin, wadda ke ninka duk kuskuren da na lissafo. Farasitamol na ruwa yana zuwa a 120 mg/5 ml, da 125 mg/5 ml, da 160 mg/5 ml, da 250 mg/5 ml, ga kuma na ɗigawa jarirai mai 100 mg/ml. Uwar da ta haddace cewa ɗan shekara huɗu mil 10 ne, in wata rana kwalbar 250 ce a hannunta, kalar kwalin kusan iri ɗaya sunan ma iri ɗaya, to yaron nan mai kilo 11 ya sha miligiram 500 a tashi ɗaya, 45 a kowane kilo, sau huɗu kuma ya haura 180 a kilo a rana, wannan kam ba maganar rara ba ce, guba ce. A 2011 kamfanoni a Amurka suka fara janye mai kaurin nan na jarirai suka koma ƙarfi ɗaya na 160 mg/5 ml saboda irin wannan ruɗanin. In ba za a iya komawa ƙarfi ɗaya ko'ina ba, aƙalla a buga ƙarfin da girma daidai da sunan maganin, kuma kowane tebur ya faɗa ƙarara cewa na wannan kwalbar ne kaɗai.

Sannan ku sa sirinjin baki a cikin kowane kwali maimakon ɗan kofi ko cokali mai baki biyu. Tebur na kilo ba shi da amfani in abin awon bai san komai ba sai 5 da 10. Kofin nan in ka riƙe shi a karkace kaɗan layin ya gushe, sirof ɗin mai kauri ne kuma wani ya maƙale a gindi, cokalin gida kuwa kowanne da girmansa. Sirinji mai layin rabin mil shi ne zai bari nas ta ce mil 6.5 kuma a samu mil 6.5, a zuƙo, a ɗaga sama a ƙwanƙwasa iskar ta fita, a sa a gefen kumatu a tura a hankali. A rubuta awon da mil kawai, a daina haɗa shi da “cokali ɗaya” a layi guda.

Ku kuma hukumomi, wannan ba abin da za a bar wa kamfani ya yi in ya ga dama ba ne, don wanda ya fara shi kaɗai zai ɗauki kuɗin sake buga lebul da sayen sirinji, sauran su zuba ido. Ku sa shi cikin sharuɗɗan sabunta rajistar magani, yadda kowace kwalba in lokacin sabuntawarta ya zo sai ta zo da ginshiƙin kilo da jimlolin nan biyu da sirinji. Kafin ku amince da sabon rubutun kuma ku gwada shi a kan iyaye na gaske, a miƙa wa mutum kwalba da sirinji a ce masa ɗanka shekara huɗu kilo 11, zuƙo abin da za ka ba shi, a ga mil nawa zai zuƙo. A maimaita da ɗan shekara tara mai kilo 55. In akasarinsu suka zuƙo mil 10 a na farko, ko suka tsallaka layin manya a na biyu, a mayar wa kamfanin da lebul ɗin ya sake tsara shi.

Na gode da kuka karanta, Allah ya taimaka.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren yara